Saƙonni huɗu na ranar Juma'a, sakin layi ɗaya na mai gida

*Salamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da na fara aiki a ofishin wani ɗan kwangilar gini a nan Garwa. Duk Juma'a mutum huɗu ko biyar ke turo min bayanin aiki ta WhatsApp, wani da murya, wani kalma uku, wani hoto kawai. Mai gida kuma ya ce sakin layi ɗaya yake so. In na haɗa na ba shi sai ya ce bai gane inda aiki ya kwana ba. Yaya zan yi?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mai gidanki yana da gaskiya, ke ma kuma ba a rubutu kike da rauni ba. Abin da ke faruwa shi ne kowane mutum yana faɗin abin da ke gaban idonsa: magini bango yake gani, mai sito buhuna yake gani, akanta takarda yake gani. A cikinsu babu wanda ke tsaye inda zai hango aikin gaba ɗaya, sai ke da duk saƙonnin suka taru a wayarki. Idan kika jera su kawai kika gyara musu lafazi, kin miƙa wa mai gida aikin da ya ɗauke ki domin ki rage masa, wato ya zauna ya gwama wannan da wancan da kansa. Shi kuwa abu biyu ne a ransa lokacin da yake karantawa: za mu cika ranar da muka yi alkawari ko ba za mu cika ba, kuma me ake jira daga wurina.

Bari in kawo miki mako guda daga wani aiki da na riƙe wa rahoto, don wannan abu a aikace ya fi shiga kai. Ginin ajujuwa biyu ne na makarantar firamare a wani ƙauye ta wajen Gider, cikin watan Yuli, damina ta zauna. An yi yarjejeniya za a miƙa ginin ranar 30 ga Agusta, saboda yara na komawa makaranta farkon Satumba. A tsarin wannan makon, bulo zai kai linta ranar Alhamis 11 ga wata, Juma'a da Asabar kafinta ya buga katako mai ɗaurin rodi ya ɗaure, Litinin 15 a zuba kankaren linta da ke zagaye ginin.

Ranar Juma'a 12 ga wata da hantsi ga abin da ya shigo wayata. Shugaban magina ya turo murya, rabi Hausa rabi Fulatanci, iska na kaɗawa a ciki: "Alhamdu lillahi aiki na tafiya, bulo ya kusa linta, ruwa ne ya hana mu kwana biyu, siminti kuma ya yi ƙasa." Mai sito ya turo hoton buhuna, ya rubuta a ƙasa: "Siminti saura 14. Rodi na 10 ya zo, na 6 bai zo ba." Akanta ya rubuta da Faransancinsa na gaggawa: an biya siminti tun Talata, kuɗin leburori ya fita, na kafinta sai mai gida ya sa hannu. Wanda ke sayo mana kaya kalma uku ya turo: "Mota na hanya."

Da na yi abin da yawancinmu muke yi da farko, da na rubuta cewa shugaban magina ya bayyana aiki na tafiya daidai kuma bulo ya kusa linta duk da ruwan sama, mai sito ya ce akwai buhu 14 kuma rodi ya iso, akanta ya tabbatar an biya siminti da leburori, mota kuma tana hanya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma wanda ya karanta zai rufe waya hankali kwance, yana zaton Litinin za a zuba linta, alhali abu uku daban-daban sun riga sun hana hakan, ɗaya daga ciki ma yana kan teburinsa a ƙarƙashin wasu takardu.

Kafin ki rubuta kalma ɗaya, buɗe rahoton makon jiya ki ajiye a gefe. Abin da aka ce za a yi a can shi ne ma'aunin wannan makon. In babu shi, "aiki na tafiya" ba ta da wata ma'ana, don jaki ma tafiya yake yi.

Sai ki ɗauki takarda ki fitar da kalmomin da ke buƙatar a bi su. Ni nakan ja musu layi: ya kusa, ya yi ƙasa, an biya, na hanya, kwana biyu. Waɗannan su ne wuraren da mai gaggawa yake tsallakewa, kuma a nan ne rahoto ke lalacewa. Ko "kwana biyu" ɗin nan, kin san a bakin Bahaushe tana iya zama kwana biyu na gaske, tana iya zama mako uku. Kowace daga cikinsu kiran waya ɗaya take ci, na minti biyu ko uku, kuma tambayar da za ki yi ta kasance wadda amsarta lamba ce ko rana.

Shugaban magina ban tambaye shi kashi nawa cikin ɗari aka yi ba. Wannan tambayar amsarta kullum tamanin ce ko casa'in, kuma na ga aikin da ya yi wata guda yana kan kashi casa'in. Ce masa na yi ya ƙirga min bulon da ya rage a ɗora kafin a kai linta. Ya zagaya ya dawo ya ce 320. A lissafinmu bulo 1,250 ne zuwa linta, ke nan an ɗora 930. "Ya kusa" ta zama kashi uku cikin huɗu. Maginansa sukan ɗora kamar 160 a yini, saura aikin yini biyu ke nan, amma Juma'a rabin yini ce saboda masallaci, Lahadi kuma ba a aiki, don haka sai Litinin za su kai. Ruwan kuma ranar Laraba 10 da Alhamis 11 ne, na rubuta ranakun.

Daga nan na koma kan siminti, inda lissafi kaɗan ke tona abin da hoto ya rufe. Buhu 14 a jingine a sito in kin gan su a hoto kamar suna da yawa. Amma shugaban magina ya ce buhu ɗaya yakan ɗora musu bulo kamar 40, ke nan bulo 320 zai ci buhu 8, saura 6. Lintar kuma tsawonta in an zagaye ginin da bangon tsakiya kusan mita 60 ne, faɗi santimita 15, tsayi 20, wanda ya ba da mita kubik 1.8 na kankare. Kankaren da ke da rodi a ciki kilo 350 na siminti ake sa wa kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. Linta za ta ci buhu 13 ke nan, mu kuwa 6 za su rage mana. Giɓin buhu 7 ne. Kada ki ce ke ba injiniya ba ce. Ba sai kin iya wannan lissafin da kanki ba, abin da ake so ki saba da shi ita ce tambayar: abin da ya rage zai kai mu ina? Magini ya san amsar, bai faɗa ba ne saboda ba a tambaye shi ba.

To amma ai akanta ya ce an biya, mai sayayya ya ce mota na hanya. A nan ne na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake ɗaga murya a kai. Shekarun baya, ina sabon hannu kamar ke, na ga "an biya" na rubuta "an kawo", don a raina abu ɗaya ne. Mai gidana na lokacin ya karanta, ya faɗa wa masu aikin haka nan, washegari suka ɗauko mota suka je gani da ido, suka tarar da sito wayam da magina a gindin bishiya. Bai yi min faɗa ba. Tambayata kawai ya yi wa ya ce min an kawo, na duba wayata sama da ƙasa ban samu wanda ya ce ba. Tun daga ranar nake raba kaya gida huɗu a kaina: wanda aka yi oda, wanda aka biya, wanda aka loda, da wanda mai sito ya ƙirga ya sa hannu. Na ƙarshen ne kaɗai ake rubuta wa "ya iso".

Na kira mai sayayya na ce motar tana daidai ina yanzu. Ya ɗan yi shiru, ya ce ai direban na wurin dila yana bin layi, sai Litinin za a loda. Bai yi nufin yaudara ba, a wurinsa tunda mota ta bar gareji to tana hanya. Buhu 100 ne, tan biyar. Ga masana'antar siminti nan a Figil, ba nisa, amma kusancinta bai sa buhu ko ɗaya ya shiga sitonmu ba. Ban da haka, daga inda aka bar kwalta hanyar burji ce, kuma akwai mayo, wato rafi, da ake tsallakewa, wanda in aka yi ruwa mai ƙarfi babbar mota sai ta jira ya janye. Sai na rubuta a takardata: lodi Litinin, isowa Talata in mayo ya ba da hanya. Na tambaye shi rodi na 6 kuma, ya ce a motar nan zai taho.

Wannan rodi na 6, wato mai kaurin milimita 6, da mai sito ya ambata a ƙarshen saƙonsa kamar ba komai ba, shi ake lanƙwasawa a yi zoben da ke riƙe manyan rodin. In babu shi, na 10 da ya iso zai ci gaba da kwanciya a ƙasa. Wanda ya rubuta "rodi ya iso" ya yanke rabin maganar mai sito, kuma rabin da ya yanke shi ne labarin. Ki kula da duk saƙon da ke da "amma" ko "sai" ko "bai" a wutsiyarsa. Mutane sukan fara da mai daɗi, su ajiye mai ɗaci a ƙarshe da ƙaramar murya.

Haka saƙon akanta. Abu biyu na farko sun wuce lafiya, na ukun ne ke da aiki. Kafinta ya ce ba zai sayo katako ya hau mota ba sai an ba shi kafin alƙalami, sefa 150,000, takardar kuma tana jiran sa hannun mai gida tun Laraba. Akanta ya faɗa ne a matsayin maganar kuɗi, bai san cewa rana ce ke tafiya ba. Magini kuma bai san dalilin da ya sa kafinta bai zo ba. Ni kaɗai na ga ƙarshen igiyar nan biyu.

Yanzu dubi abin da ya fito. Kowa ya ɗora wa ruwan sama laifi, kuma ruwan ya ci yini biyu da gaske. Amma ko da ba a yi ɗigo ɗaya ba, Litinin ba za a zuba linta ba, saboda siminti bai isa ba, zobe babu, katako babu. Ruwa ya zo ya lulluɓe su duka. Rahoton da ya tsaya a kan "ruwa ya kawo tsaiko" zai sa mai gida ya ce Allah ya kyauta ya wuce, tunda babu mai iko da hadari. Wanda ya nuna masa sauran ukun zai sa ya ɗauki alƙalami.

Akwai kuma saƙon da bai zo ba. In kin gama da waɗanda suka yi magana, ki tambayi kanki wa ya kamata ya yi magana bai yi ba. A aikinmu injiniyan da ke sa ido dole ya duba ɗaurin rodi ya amince kafin a zuba kankare, don in aka zuba an rufe shaida. Babu wanda ya ambace shi, kowa na zaton wani ya gaya masa. Na kira shi, ya ce zai iya zuwa Laraba da yamma. Da ban same shi ba, da na rubuta haka nan a fili, cewa ba a samu tabbacin ranar zuwansa ba tukuna. Shirun mutum ba a cike shi da zato, kuma ba a share shi kamar babu.

Sai yanzu ake rubutu, kuma za ki ga shi ne mafi sauƙi. Jimlar farko hukunci ce: ina aka kwana in an auna da alkawari. Ta biyu abin da aka yi, da lamba. Daga nan abin da ya tare hanya da dalilinsa, sai sabon tsari da ranakunsa, sai abin da ake so mai karatu ya yi. Ga wanda na tura:

"Zuba linta ya koma Alhamis 18 ga Yuli maimakon Litinin 15; ranar miƙa gini, 30 ga Agusta, tana nan, amma rarar kwana biyar da ke cikin tsari ta koma biyu. Zuwa safiyar yau an ɗora bulo 930 cikin 1,250, sauran za su kammala ranar Litinin, bayan ruwa ya tsayar da aiki ranakun 10 da 11 ga wata. Siminti buhu 14 ne a sito, ana buƙatar 21 kafin a gama linta. Buhu 100 da aka biya ranar Talata da rodi na 6 za a loda su Litinin, ana sa ran isowarsu Talata idan mayo bai cika ba. Injiniya mai sa ido zai duba ɗaurin rodi Laraba da yamma. Ana roƙon Yallaɓai ya sa hannu a takardar kafin alƙalamin kafinta, sefa 150,000, kafin azahar ɗin Litinin, domin kowane yini da ta ƙara zai ƙara yini a kan ranar zuba linta."

Jimla shida ce. Ki lura ba a jera ta bisa mutane ba. Babu "magini ya ce", babu "akanta ya ce". Jimla ta uku da ta huɗu kaɗai sun haɗa bakin mutum huɗu: 14 na mai sito ne, 21 daga lissafin da muka yi da magini, biyan Talata na akanta, lodin Litinin na mai sayayya. Alamar da nake gane sakin layi ya haɗu ke nan. In har kina iya ɗora yatsa ki ce wannan jimlar ta wane ce, waccan ta wane, to har yanzu saƙonni ne a jere.

Ki lura da abin da na bari a waje. Biyan leburori bai shiga ba, saboda ya tafi yadda aka tsara kuma ba ya canza komai. Da an makara ne har suna maganar ajiye aiki, da ya hau jimla ta biyu. Rodi na 10 ma bai shiga ba. Yana da wuya a zuciya a yar da bayanin da mutum ya ɓata lokaci ya turo, har wani yakan yi ƙorafi cewa ba a sa nasa ba. Nakan ce masa nasa ne ya tafi lafiya, shi ya sa. Lissafin buhunan da takardar da na yi ta ja wa layi kuwa ina ajiye su, don ran da mai gida ya ce 21 daga ina, kada in tsaya inda-inda.

Wurin da na fi so ki yi hattara shi ne gyaran harshe. Ana cewa rahoto ya fito da kamala, sai mutum ya ɗauka ana nufin a sa masa manyan kalmomi. Haɗarin shi ne duk lokacin da kika goge jimla don ta yi sheƙi, tabbacinta yakan ƙaru ba ki sani ba. "Mota na hanya" ta zama "kaya na gab da isowa". "Ya kusa" ta zama "an kusa kammalawa cikin nasara". Mutumin da ya turo saƙon bai kai nan ba, ke kika kai shi. Shi ya sa a sakin layin nan kowane abu yake da matsayinsa: "an ɗora" abu ne da aka ƙirga, "za a loda" alkawarin wani ne, "ana sa ran" fata ne mai sharaɗi, kuma na faɗi sharaɗin. In za ki mayar da shi Faransanci, kamar yadda yawancin ofisoshin nan suke so, wannan bambancin shi za ki tsare. Faransancin ofis yana da wata 'yar kalma mai nufin "ana kan yi" da ake liƙa wa komai, daga aikin da aka fara jiya har wanda zai ƙare gobe. Duk inda hannunki ya kai gare ta, ki tsaya ki sa lamba ko rana a wurinta. Ni har yau nakan fara tsara maganar da Hausa a kaina, don a Hausa na fi saurin jin inda na yi wa gaskiya kwaskwarima.

Hausar ma tana da nata maɓoya. "An" da "za a" suna da amfani sosai, suna ba rahoto natsuwa, kuma suna hana a nuna mutum da yatsa. Ban rubuta cewa mai sayayya ya yi sakaci ba, ban da hujjar hakan, kuma rahoton mako ba kotu ba ce. Mutumin da ya ga sunansa a rubuce da laifi sau ɗaya, mako mai zuwa "lafiya lau" kawai zai turo miki, ki rasa idonki a wurin aiki. Amma a kan abin da ake jira nan gaba, "za a" kan bar aiki babu mai shi. "Za a sa hannu" ba ta tayar da kowa daga kujera. Abin da ya wuce ki faɗe shi da "an", wanda ake jira kuma ki sa masa mai yi da rana. Game da "in sha Allahu", ki faɗe ta, haƙƙinta ne, amma ki haɗa ta da kwanan wata, kada ta zauna a gurbinsa.

Na san jimlar ƙarshen nan ce za ta fi yi miki nauyi. Wata biyu da fara aiki, ki rubuta wa mai gida cewa shi ake jira? Dubi yadda aka gina ta. Ba ta ce ya makara ba, ba ta ambaci tun Laraba ba. Roƙo ce, da adadin kuɗi, da lokaci, da abin da zai biyo baya. Mai gida mai hankali wannan jimlar yake nema tun da ya buɗe saƙon, kuma ya fi son ya ji daga bakinki ranar Juma'a da ya ji daga bakin kafinta ranar Laraba. Idan kuma babu abin da ake buƙata daga gare shi a makon, ki rubuta haka a taƙaice, shi ma labari ne.

Me ya sa nake naci a kan ranaku, har na rubuta 10 da 11 maimakon "kwana biyu"? In kwangilar ta gwamnati ce, dokar kwangilolin Kamaru ta 2018 ta ɗora tarar makara a kan kowane yini: ɗaya cikin 2,000 na kuɗin kwangilar a kwana talatin na farko, daga nan ta koma ɗaya cikin 1,000. A aikin sefa miliyan 20, jaka goma ke nan kullum rana ta fito, bayan wata guda jaka ashirin. Ran da mai gidanki zai zauna neman ƙarin wa'adi, abin da aka rubuta da kwanan wata a lokacin da ya faru shi ne zai tsaya masa, shi da littafin da ake cikewa a wurin aiki. Saboda haka ranakun ruwan da ke rahotonki su yi daidai da na littafin. In sun saɓa, ki gyara tun a makon, kada ki bari sai Agusta.

Sakin layi ɗaya yana da iyakarsa. Idan wani ya faɗo daga kan gini, ko kaya sun ɓace a sito, ko bango ya tsage, wannan ba ya jiran Juma'a kuma ba a cusa shi tsakanin bulo da siminti. Kira ake yi nan take, rahoton mako ya ambace shi da jimla ɗaya. Idan wuraren aikinku biyu ne ko uku, kowanne da nasa sakin layin, ko mai gida ya ce ɗaya yake so, don ranakunsu ba ɗaya ba ne. Idan kuma mutum biyu suka ba ki lamba biyu a kan abu ɗaya, kada ki raba tsakiya. Ki sa a sake ƙirgawa, in lokaci ya ƙure ki ɗauki ta wanda kayan ke hannunsa, ki rubuta cewa ana tantancewa.

Kafin ki tura, abu biyu. Rufe komai da hannu ki bar jimlar farko: in mai gida ita kaɗai ya karanta a bakin masallaci ya sa waya a aljihu, ya san inda aka kwana? Sannan ki karanta wa shugaban magina sakin layin ta waya. Minti ɗaya ne. A wancan makon da na karanta masa, ya tsayar da ni a kan Alhamis, ya ce in mota ta iso Talata da yamma maimakon safe, mai ɗaurin rodi ba zai gama zobe kafin injiniya ya zo ba, sai dai a samo rodi na 6 ko sanda goma ne daga Gider ranar Litinin a fara lanƙwasawa. Babu yadda za a yi in san wannan daga ofis. Na gaya wa mai sayayya, aka aika da su a bayan babur.

Wahalar kiran nan kuma tana raguwa in kika gyara ta daga tushe. Ranar Alhamis da la'asar ki tura wa kowa tambayarsa, kada ki tura "a turo rahoto" a zauren kowa da kowa. Magini: nawa aka ɗora, nawa ya rage, wace rana ba a yi aiki ba. Mai sito: me ya shigo, me ya rage, me ake jira. Akanta: me ya fita, me ya maƙale, a hannun wa. Mai sayayya: an loda ko ba a loda ba, motar tana wane gari. Wanda rubutu ke yi masa wuya ya yi murya, da Hausa ko Fulatanci duk ɗaya ne, ke dai ya faɗi lamba. Makonni biyu ko uku na farko sai kin bi su da kira. Bayan haka shugaban maginanmu da kansa yake fara saƙonsa da ƙirgen bulo kafin ma ya gaishe ni, har sai da na ce masa gaisuwar ma a bar mana ita.